Darasi: Kalma da Abokiyar Tafiyarta

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya abu uku: ya gane kalmomin da Hausa ta saba haɗawa wuri ɗaya, ya haddace su a dunƙule, sannan ya yi amfani da su a insha'i da kuma magana a gaban aji.

Gabatarwa

Wanda ya zauna a garin Bauchi, ko da Hausa ba harshen gidansu ba ce, da wuya ya rasa kalmomi. Ɗan Sayawa ko Jarawa, ko yaron da iyayensa suka zo daga kudancin ƙasar nan, yana jin Hausa kullum a Kasuwar Wunti da Kasuwar Muda Lawal da cikin keke mai ƙafa uku. Ya san ma'anar *alkawari*, ya san *hanya*, ya san *wahala*. Duk da haka, idan aka dawo masa da takardar insha'insa, sai ya tarar an ja jan layi a ƙarƙashin kalmomin da ya tabbata ya san su.

Dalili shi ne, sanin ma'anar kalma rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne sanin wadda take tafiya da ita. Bahaushe *cika* alkawari yake yi, *kama* hanya yake yi, *shan* wahala yake yi. Idan ka ce "na fara hanya", za a fahimce ka, amma mai sauraro zai ji cewa maganar ba ta zauna ba, mai duba takarda kuma zai rage maka maki. A wannan darasi za mu kira irin wannan haɗi *dunƙule*, wato kalmomi biyu ko uku da ake koyo tare kamar kalma ɗaya. Za mu dubi iri biyu.

Iri na farko: aikatau da sunan da yake ɗauka

Bari mu fara da aikatau biyu da kowa ya sani, *ci* da *sha*. Sabon ɗalibi yakan ɗauka cewa *ci* na abu mai tauri ne, *sha* kuma na abu mai ruwa. Wannan gaskiya ne a kan tuwo da kunu. To amma Bahaushe yana shan rake, yana shan lemo da mangwaro da kankana, alhali yana cin ayaba da dabino da goro. Magani ma shan sa ake yi, ko da ƙwaya ce. Saboda haka tun a kan abinci, ƙa'idar tauri da ruwa ba ta wadatar ba.

Idan aka bar fagen abinci, ma'anar takan yi nisa da asalinta. Dubi waɗannan:

- *ci*: ci jarrabawa, ci nasara, ci zaɓe, ci riba, ci gado, ci bashi, ci amana
- *sha*: sha wahala, sha duka, sha rana, sha zagi, sha iska, sha alwashi

Akwai wata alama da za ta taimaka. Sau da yawa *ci* yana zuwa inda mutum ya samu wani abu ko ya yi rinjaye, *sha* kuma inda wani abu ya same shi ya jure. Wanda ya ci jarrabawa ya yi rinjaye, wanda ya sha duka kuwa abu ne ya faɗa masa. Amma alama ce kawai, ba doka ba. Mai shan iska hutawa yake yi, ba jurewa ba. Mai shan alwashi ƙudurta niyya ya yi. Mai cin amana kuwa ba nasara ya yi ba, ha'inci ya yi. Wannan ne ya sa ba a dogara da tunani kaɗai wajen ƙera dunƙule. Sai an ji shi ko an karanta shi, sannan a riƙe shi yadda yake.

Ga hanyar gane cewa abin da ke gabanka dunƙule ne. Cire aikatau ɗin, ka sa wani mai kusan ma'ana ɗaya da shi. *Kurɓa* ɗan'uwan *sha* ne, amma ba a cewa "na fita kurɓar iska". *Halaka* ɗan'uwan *kashe* ne, amma wanda ya je kasuwa kashe kuɗi ya yi, bai halaka su ba. Idan musanyar ta ɓata maganar ko ta ba da dariya, to dunƙule ne, sai a rubuta shi a haddace.

Iri na biyu: aikatau da ɗan rakiyarsa

Wasu aikatau ba su isa ga abin da suke nufi sai da wata 'yar kalma a bayansu. Mafi yawan waɗannan 'yan rakiya su ne *da* da *wa*. Ana cewa *gamu da*, *rabu da*, *saba da*, *kula da*, *lura da*, *yarda da*, *gaisa da*. Ana kuma cewa *gaya wa*, *taimaka wa*, *saɓa wa*. Wanda ya haddace *gamu* ba tare da *da* ba, zai rubuta "na gamu ƙawata", wanda kuskure ne.

Ɗan rakiya yana iya sauya ma'ana gaba ɗaya. Ku karanta waɗannan jimloli huɗu a bayyane:

- Direba ya tsaya.
- Direba ya tsayar da mota.
- Direba ya tsaya wa yaronsa.
- Direba ya tsaya a kan maganarsa.

A jimla ta farko direban ya daina tafiya. A ta biyu ya sa mota ta daina tafiya. A ta uku ya kare yaronsa, ya zama gatansa. A ta huɗu ya ƙi sauya ra'ayi. Tushen kalmar ɗaya ne, amma dunƙule huɗu ne, kuma kowanne sai an koye shi daban. Haka ma *yi kuka* da *yi ta kuka*: yaron da ya yi kuka wataƙila sau ɗaya ne, wanda ya yi ta kuka kuwa ya daɗe bai daina ba.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne lokacin da wakilin suna ya maye gurbin suna. Bayan *da*, cikakken wakilin suna ake sawa, wato *ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su*. Saboda haka "na gamu da ita" ake cewa, ba "na gamu da ta" ba. Shi kuwa *wa*, idan ya haɗu da wakilin suna sai ya rikiɗe ya koma *mini, maka, miki, masa, mata, mana, muku, musu*. "Na gaya wa Malam" daidai ne, amma idan an cire Malam sai a ce "na gaya masa", ba "na gaya wa shi" ba. A lura kuma cewa a ƙa'idar rubutu ana raba *wa* da aikatau: *gaya wa*, ba a haɗe ba.

Dunƙule yana da siffofi

Haddace dunƙule ba yana nufin ya daskare ba. Aikatau na Hausa yana sauya ƙarshensa gwargwadon abin da ya biyo shi, kuma dole a koyi wannan tare da dunƙulen. Ɗauki *ɗauki alkawari* a matsayin misali. Idan suna ne ya biyo baya, sai a ce "ya ɗauki alkawari". Idan wakilin suna ne, sai a ce "ya ɗauke shi". Idan babu abin da ya biyo baya, sai a ce "alkawarin da ya ɗauka". Idan kuma aikin yana cikin gudana, sai a ce "yana ɗaukar alkawari".

Haka abin yake ga *ba da*. Ana cewa "ta ba da kuɗi", amma "kuɗin da ta bayar", sannan "ta ba ƙanenta kuɗi", inda *da* ya faɗi saboda an ambaci wanda aka ba. Ɗalibin da ya san siffa ɗaya kaɗai zai yi daidai a jimlar farko, ya faɗi a ta biyu. Don haka duk dunƙulen da za ku rubuta, ku rubuta shi aƙalla a siffa biyu: aikin da ya wuce da aikin da ke gudana. *Ya sha wahala, yana shan wahala. Ya ci riba, yana cin riba. Ya goyi baya, yana goyon baya.*

Misali: gyaran sakin layi

A ce an ba aji insha'i mai taken "Ziyarar da Muka Kai Yankari". Gandun dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karkata a Dindima, kuma a cikinsa akwai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Ga irin sakin layin da ɗalibi mai matsakaicin ƙoƙari yakan rubuta:

*Tun farkon zango Malam ya ce zai kai mu Yankari, kuma bayan jarrabawa ya yi alkawarinsa. Muka zauna muka yi shawarar cewa ranar Asabar za mu tafi. Muka fara hanya da sassafe. Bayan mun wuce Dindima muka samu wahala, domin rana ta yi yawa. Da muka isa Wikki muka yi yunwa, sai muka ci rake da lemo. A can na gamu ƙawata, na gaisa ta. Muka yi hotuna, muka samu daɗi ƙwarai.*

Babu kalmar da ba Hausa ba a nan, kuma jerin labarin a tsare yake. Amma akwai wurare 11 da suke bukatar gyara, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Bari mu kasa su kashi uku.

Kashi na farko shi ne inda ma'ana ta sauya, kuma shi ya fi muni. *Yi alkawari* yana nufin faɗar abin da za a aikata nan gaba. Abin da ɗalibin yake nufi shi ne Malam ya aikata abin da ya faɗa, wato *ya cika alkawarinsa*. Haka kuma *yi shawara* tattaunawa ce da neman ra'ayin juna, ba a kai ƙarshe ba tukuna. Idan an tsayar da rana, an *yanke shawara* ke nan. A waɗannan wurare biyu, mai karatu zai fahimci abin da ba shi ake nufi ba.

Kashi na biyu shi ne inda aka ba suna abokin da ba nasa ba, ko abokin da bai da ƙarfi. Hanya *kama* ta ake yi. Wahala *shan* ta ake yi. Yunwa da daɗi *jin* su ake yi, kamar tsoro da kunya da ciwo da ƙanshi. Rake da lemo *shan* su ake yi. Rana idan ta yi zafi ƙwarai, an ce *ta ƙwalle*. Hoto kuwa, ko da yake za ka ji ana cewa "mu yi hoto" a hira, a rubutu *ɗaukar hoto* ya fi dacewa. Waɗannan wurare 7 ne. Ku lura cewa a 5 daga cikinsu ɗalibin ya fake ne da *yi* ko *samu*. Wannan ita ce babbar alamar ƙarancin dunƙule: idan ka duba takardarka ka ga *yi* da *samu* a kusan kowace jimla, to akwai aikatau na ainihi da ka rasa.

Kashi na uku shi ne inda ɗan rakiya ya faɗi. *Gamu* yana bukatar *da*, haka ma *gaisa*. Za a ce "na gaisa da ita", ko "muka gaisa", ko kuma a sauya aikatau a ce "na gaishe ta". Ga sakin layin bayan gyara:

*Tun farkon zango Malam ya ce zai kai mu Yankari, kuma bayan jarrabawa ya cika alkawarinsa. Muka zauna muka yanke shawarar tafiya ranar Asabar. Muka kama hanya da sassafe. Bayan mun wuce Dindima muka sha wahala, domin rana ta ƙwalle. Da muka isa Wikki muka ji yunwa, sai muka sha rake da lemo. A can na gamu da ƙawata, muka gaisa. Muka ɗauki hotuna, muka ji daɗi ƙwarai.*

Tsawon sakin layin bai ƙaru ba, kuma ba a sa wata baƙuwar kalma mai wuya ba. *Cika, kama, sha, ji, ɗauka*, duk ɗalibin ya san su tun daga firamare. Abin da ya sauya shi ne kowace ta koma wurin abokiyarta. Mai duba insha'i yana neman kalmar da ta dace da wurinta, ba wadda ta fi tsawo ba.

Yadda ake tara dunƙule

Ku ware littafin rubutu ɗaya, ku raba kowane shafi gida uku. A gida na farko ku rubuta dunƙulen a siffofinsa biyu. A gida na biyu ku kwafe jimlar da kuka gan shi a ciki. A gida na uku ku ƙera jimlarku a kan abin da ya shafe ku, kamar unguwarku ko makarantarku, sannan ku nuna wa malami ya tabbatar da ita. Kada ku haddace jimlar da ba a duba ba, domin kuskuren da aka haddace ya fi wuyar cirewa.

Kada ku jera su bisa haruffa kamar ƙamus. Ku tara su a gindin suna ɗaya, yadda za su ba da labari daga farko zuwa ƙarshe. A gindin *alkawari* ku sa *ɗauka, cika, saɓa, karya*. A gindin *bashi* ku sa *ci, bi, biya, yafe*: wanda ya karɓa ya ci bashi, wanda ya bayar yana bin sa bashi, daga nan ko dai a biya ko a yafe. A gindin *ƙara* ku sa *kai, shigar da, saurara, kora, ɗaukaka*. Idan aka ba ku insha'i a kan ciniki ko shari'a, shafin gaba ɗaya zai zo muku a lokaci guda.

Dunƙule 5 a rana sun isa. A mako mai kwana 5 na makaranta sun zama 25, a mako 10 kuma 250. Ku maimaita kowanne washegari, da bayan mako ɗaya, da bayan wata ɗaya. Wajen maimaitawa ku rufe aikatau da hannu, ku dubi sunan, ku faɗi abokinsa a bayyane. Idan kun yi akasin haka, wato kuka dubi dunƙulen kuka tuna ma'anarsa, ganewa kawai kuka gwada. A ɗakin jarrabawa kuwa fitar da shi daga ka ake bukata.

Wurin samun su shi ne rubutun da aka tace. *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam cike yake da su, haka ma *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa yake nan cikin garin Bauchi. Labaran rediyo kuma za su ba ku na harkokin mulki, irin su *rantsar da*, *ƙaddamar da*, *sa hannu* da *yi tir da*. Shafi ɗaya da aka karanta da fensir a hannu yakan ba da abin da ya fi na rana ɗaya.

Dunƙule a magana

A magana babu lokacin gogewa. Wanda yake ƙera jimla kalma bayan kalma yakan tsaya a tsakiya yana laluben aikatau. Wanda ya riƙe dunƙule kuwa, da ya kama bakinsa sai sauran ya biyo. Ku karanta wannan tattaunawa bibbiyu:

Malam: Ke, me kika gani game da batun hana ɗalibai zuwa da waya makaranta?

Ɗaliba: Allah ya gafarta Malam, ni ina... ina ba da baya ga wannan magana.

Malam: Kin amince ke nan, ko kin ƙi?

Ɗaliba: Na amince, Malam.

Malam: To, goyon baya kike yi. Wanda ya ba da baya juyawa ya yi ya tafi. Sake faɗa.

Ɗaliba: Ina goyon bayan wannan magana, domin waya tana ɗauke hankalin ɗalibi. Ban yarda da masu cewa tana taimaka wa karatu a cikin aji ba.

Malam: Madalla. Yanzu sai ki kafa hujja.

A amsarta ta ƙarshe akwai dunƙule huɗu: *goyi baya, ɗauke hankali, yarda da, taimaka wa*. Da waɗannan, da *kafa hujja* da *jawo hankali*, ɗalibi zai iya buɗe muhawara a kan kusan kowane batu.

Iyakoki biyu

Na farko, kowane dunƙule da wurinsa. *Sha kashi* ya dace da labarin ƙwallon ƙafa, *kashe kwarkwatar ido* ya dace da labarin yawon buɗe ido tsakanin abokai, amma ba za ka sa su a wasiƙar neman gurbin karatu ba. Ku riƙa sa alama a gefen littafinku: na hira ne, ko na rubutu. Kada kuma a cusa dunƙule inda ba a bukatarsa don kawai an haddace shi, domin wanda aka sa a wurin da bai dace ba kuskure ne shi ma.

Na biyu, abin da kunne ya ɗauka a titi ba kullum yake daidai da abin da jarrabawa take nema ba. Hausar Bauchi karin harshe ce mai cikakken tsarinta, amma ta bambanta da daidaitacciyar Hausa a wasu wurare. Za ku ji ana cewa "motan Malam" maimakon "motar Malam". Za ku kuma ji an jinkirta *wa* zuwa bayan karɓau, kamar "ya wanke mota wa Malam", alhali daidaitacciyar Hausa tana cewa "ya wanke wa Malam mota". Saboda haka ku koyi dunƙule masu *wa* tare da mutumin a manne da su: *kai wa Malam littafi, saya wa Inna goro, rubuta wa yayana wasiƙa*.

Aikin aji

1. Cike gurbi da *ci*, *sha* ko *ji*: (a) Yayana ya ___ zaɓe. (b) Mun ___ ƙanshin masa. (c) Manoma sun ___ rana a gona. (d) Kada ka ___ amanar abokinka. (e) Ta ___ kunyar surukarta.
2. Maye gurbin sunan ƙarshe ko na tsakiya da wakilin suna: (a) Na rabu da ƙawata. (b) Mun taimaka wa tsofaffi. (c) Ya ɗauki jaka. (d) Ta saya wa Baba goro.
3. Bayyana bambancin da ke tsakanin: (a) *yi shawara* da *yanke shawara*, (b) *ci bashi* da *bi bashi*, (c) *fita da yaro* da *fitar da yaro*.
4. Gyara wannan jimla zuwa daidaitacciyar Hausa: "Na kai abinci wa Inna, na gaya wa ta cewa na gamu ƙanenta."

Aikin gida

Rubuta sakin layi mai jimla 8 a kan "Ranar da Aka Aike Ni Kasuwar Wunti". Bayan ka gama, ja layi a ƙarƙashin kowane *yi* da *samu*, ka duba ko sunan da ke biye yana da aikatau nasa na ainihi. Kawo takardar farko da ta gyara, tare da shafi ɗaya na littafin dunƙulenka a gindin kalmar *kuɗi*.